Rukunin da bai fito a teburin ba, ina ya shiga?

Tambaya: "Salamu alaikum Malam. A aikina na masara manoma kashi uku ne: marasa taki, masu takin gargajiya, da masu takin zamani. Na yi wa kowane kashi dami, wato dummy variable mai ba da 1 ga manomin da yake cikin kashin da 0 ga wanda ba ya ciki, na zuba su a rigireshan na amfanin gona a manhajar SPSS, sai biyu kawai suka fito, ɗayan ya koma Excluded Variables. Na ɓata aikin ne? Kuma yaya zan fassara biyun?"

Amsar Malam, an rubuto daga muryar da ya turo:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. To, kwantar da hankalinki, babu abin da ya lalace. Ki ɗan samu biro da takarda, don zan kawo lambobi.

Kowane manomi a cikin ɗaya daga ukun nan yake, ko ba haka ba? Idan na gaya miki mutum ba ya sa na gargajiya, kuma ba ya sa na zamani, ai kin riga kin san shi marar taki ne. Ke nan dami na uku ba shi da wani sabon labari da zai ba injin. Idan kika tara ukun a kowane layi, 1 za ki samu, kullum 1, daidai da abin da (Constant) yake ɗauke da shi. Lissafin ba zai warwaru a haka ba, shi ya sa SPSS ta ture guda ɗaya gefe, kuma in kin duba wajen Tolerance ɗinsa za ki ga .000. Ƙa'idar ita ce, rukuni uku dami biyu, rukuni biyar dami huɗu. Wanda aka bari a waje shi ne ma'auni, da shi ake gwada sauran. Abin da ban so ba kawai shi ne injin ne ya zaɓa miki wanda zai fita. Ke ya kamata ki zaɓa.

Yanzu fassara. Bari in ƙirƙiri lambobi don misali, ba na wata gona ba ne. A ce marasa taki suna samun buhu 10 a hekta in an raba daidai, masu na gargajiya 18, masu na zamani 21. Kin bar marasa taki a waje, kuma babu wani abu a rigireshan ɗin sai damin nan biyu. To (Constant) zai fito 10. A layin gargajiya, ƙarƙashin B, za ki ga 8. A layin zamani za ki ga 11.

Nan ne ɗalibai suke zamewa. Sai ka ga an rubuta wai mai takin gargajiya yana samun buhu 8. A'a. Yana samun buhu 8 sama da marar taki, wato 10 da 8, 18 ke nan. Kamar allon nan ne na bakin titi mai nuna nisan garuruwa. In aka rubuta kilomita kaza zuwa Zariya, maganar ba ta da ma'ana sai kin san daga inda aka fara ƙirga. Don haka duk jimlar da za ki rubuta a babi na huɗu, ki tabbata akwai "idan aka kwatanta da marasa taki" a cikinta, kuma a ƙasan teburin ki rubuta wane rukuni ne ma'auni. Na sha duba aikin ɗalibai, tebur ya yi kyau, amma babu inda aka faɗi da wa ake kwatantawa.

To yanzu juya. Ki bar masu gargajiya a waje. (Constant) zai zama 18, marasa taki su fito da -8, masu zamani su fito da 3. Kin ga lambobi duk sun sauya, har da alamar ragi, amma gonakin suna nan yadda suke: 10, 18, 21. R Square ma ba zai motsa ba ko kaɗan.

Wannan 3 ɗin nake so ki riƙe, don a kansa ne za a iya kama ki ranar difens. A teburin farko, mai yiwuwa 8 da 11 duka su fito da Sig. ƙasa da 0.05. Sai mutum ya yi murna ya ce zamani ya fi gargajiya, tunda 11 ta fi 8, kuma duka sun tsallake. Teburin bai faɗi haka ba. Sig. na kowane layi tambaya ɗaya tak yake amsawa: shin wannan rukunin ya bambanta da ma'auni? Tsakanin gargajiya da zamani kuwa ba a gwada komai ba. Bambancinsu buhu 3 ne, kuma idan manomanki ba su da yawa, ko amfanin gonarsu ya bambanta sosai daga mutum zuwa mutum, wannan 3 ɗin tana iya kasa tsallakewa. In ita ce tambayar bincikenki, sai ki sauya ma'auni ki sake gudanarwa, ki karanta Sig. na layin zamani.

Masu Stata da R a zauren nan, ku ba sai kun haɗa dami da hannu ba. A ce 1 marasa taki ne, 2 gargajiya, 3 zamani. Ga shi zan rubuta:

```
regress buhu i.taki
test 2.taki = 3.taki
regress buhu ib2.taki
```

Stata tana ɗaukar ƙaramar lamba a matsayin ma'auni, shi kuma `ib2.` yana mayar da shi kan rukuni na 2. R tana ɗaukar matakin farko, wanda galibi bisa jerin haruffa ne, sai a sauya da `relevel()`. SPSS kuma, a Binary Logistic, in kin bi ta maɓallin Categorical, na ƙarshe take ɗauka, Last. In kin zaɓi First ki tuna ki danna Change, in ba haka ba ba ta ji ba.

Wanne za ki zaɓa? A naki, marasa taki, don shi ne kwatancen da kowa zai gane. Amma ki ƙirga su tukuna. Idan su shida ne kacal cikin ɗari biyu, to kowane kwatance a kan mutum shidan nan ya jingina, Std. Error na duka layukan zai kumbura, ki ga kamar babu abin da ya fito. A nan gara ki ɗauki rukuni mai jama'a. Kuma kar a taɓa mayar da "sauransu" ma'auni, don babu wanda ya san su wane ne.

Da zarar kin ƙara wasu abubuwa, kamar girman gona da shekarun manomi, to (Constant) ya daina zama 10 ɗin nan. Ya koma marar taki mai gona sifiri da shekara sifiri, mutumin da babu shi. Kar ki wahalar da kanki wajen fassara shi. Su kuma 8 da 11 za su iya sauyawa, sai ki ce bambanci ne tsakanin manoma masu girman gona ɗaya da shekaru ɗaya.

Af, akwai abu guda da za ki duba yau ɗin nan, tunda da hannu kika haɗa damin. Manomin da bai amsa tambayar taki ba, me kika ba shi? Idan a Recode kika ce All other values su zama 0, to ya samu 0 a duka biyun, kuma injin ya ɗauke shi marar taki, ya cusa shi cikin ma'auninki ba tare da ya sanar da ke ba. Ki yi Frequencies na ainihin tambayar, ki ga marasa taki nawa ne, sannan ki ƙirga masu 0 a duka damin biyu. In adadin bai zo ɗaya ba, ki mayar da waɗancan guraben System-missing ki sake gudanarwa. Ki turo hoton teburin Coefficients ɗin nan zauren mu gani tare.