Wasiƙar haƙura da gurbin karatu ba tare da an ɓata da makaranta ba

"Oga, wani ya zo shago da takardar ƙanwarsa, makarantar koyon aikin jinya ta ba ta gurbi amma bana ba halin tafiya, suna so a rubuta ba za ta zo ba, baɗi za ta sake nema. Ya zan tsara ta?"

Kafin ka taɓa kibod tambaye shi me suke so tukuna, a ɗage mata zuwa baɗi ko ta haƙura da gurbin. Ɗagewa roƙo ne a riƙe mata wurinta, kuma makarantu da yawa sai ka biya kuɗin karɓar gurbi ka yi rajista sannan su saurare ka. Haƙura kuwa ta saki ke nan, baɗi sabon fom za ta saya kamar kowa. Ku yaran yanzu sai ku cakuɗa su don ba kwa tsayawa ku ji mutum, hankalinku na kan waya.

Adireshi da kwanan wata ba zan koya maka ba. In haƙura ce, rajistara za ka rubuta wa, ka sa lambar da ke saman takardar gurbin da kwas da zangon karatu, ka yi godiya, ka faɗa ƙarara ba za ta samu zuwa bana ba, sai ka rufe da cewa tana da niyyar sake nema. Kar ka rubuta kamar suna da alkawari da ita. Dalili kuma layi ɗaya tak, larurar gida, shi ke nan.

Wannan layin ne ya taɓa ja min asarar da har yau ina jin zafinta. Wani mai makarantar firamare da nake buga wa takardun jarrabawa ya kawo min irin wannan ta ɗansa, na rubuta ta tsaf, ya karanta ya ce ta yi ƙasƙantar da kai da yawa, wai in ƙara cewa yaron ya samu inda ya fi can. Na ce Alhaji kar a sa, ya ce kuɗinsa ne ko nawa, na sa. Inda ya fi ɗin bai tabbata ba. Da shekara ta zagayo suka koma, aka zaro fayil ga wasiƙar a ciki, yaro bai samu ba. Mutumin nan ya tsaya a ƙofar shagona gaban jama'a yana ɗaga murya wai ni na kashe wa ɗansa karatu, ya hana ni kuɗin bugun zango biyu, rim goma sha ɗaya na takarda ban da tawada, ya kwashe aikinsa ya kai wani wuri. Bakina ne kawai shaidata, shi ya sa yanzu duk wanda ya canza min rubutu sai ya sa hannu a kwafin da zan ajiye.

Buga kwafi biyu, yarinyar ce za ta sa hannu ba wanta ba. Su kai kafin wa'adin da ke jikin takardar ya cika, a buga musu hatimin an karɓa a kan ɗaya su dawo da ita gida su adana.