Shafin ƙarin bayani a ƙarshen kasafin kuɗi

"Maigida, na gama jera alƙaluman kasafin ƙungiyar nan ta unguwarmu a Jidda, shiga riyal 600,000, fita 580,000. Ka ce sai na ƙara shafin bayani a ƙarshe. Me zan rubuta a ciki, tunda lissafin ya fito har da rara?"

Ɗana, jawo kujera ka buɗe takardar nan mu duba tare. Rarar 20,000 ɗin da kake murna da ita babu ita. Idan 'yan kwamiti suka karanta jadawalinka haka tsirara za su sa hannu da farin ciki, a watan Yuli kuma ma'aji ya shiga asusu ya tarar kuɗin haya ba su cika ba. Shafin da Larabawa ke kira idahat aikinsa ke nan, ya gaya wa mai karatu abin da jimilla take ɓoyewa.

Fara da inda kuɗin suka fito, don nan ne matsalar take. Dubu ɗari shidan nan kashi huɗu ne. Akwai zakka 200,000. Akwai 150,000 na hayar gidan wakafi, kuma takardar wakafin ta ce albashin malaman hadda kawai. Akwai 120,000 da wani attajiri ya yi alkawari don kayan makarantar marayu, da sharaɗin a kashe su cikin shekara biyu, 60,000 kowace shekara. Sai sadaka ta gama-gari 130,000, wadda mai bayarwa ya miƙa bai ce a yi kaza da ita ba. Ukun farko su ne masu ƙaidi, abin da za ka ji ana cewa muƙayyada a ofis. Na huɗun kaɗai kwamiti ke da ikon juyawa yadda ya ga dama.

To yanzu duba kuɗin tafiyar da ofis: haya, wuta, albashin ma'aikata biyu, man mota, takardu. Ka rubuta 170,000. Daga ina za a biya su? Daga 130,000 ɗin nan, babu wani wuri. Giɓin 40,000 ke nan. Abin da ya rufe maka ido shi ne 60,000 na marayu da ba za a taɓa ba sai baɗi. Cire 40 daga 60, ka ga ashirin ɗinka ta fito. Kuɗin marayu ne ka kira rara.

Don haka kowane tushe ka ba shi sakin layinsa. Ka faɗi nawa ne, wace takarda ce ta sa masa sharaɗi, me sharaɗin ya ce, yaushe zai ƙare, kuma me za a yi da abin da ya saura. Na marayu, misali, haka zan rubuta shi: "Riyal 120,000 alkawari ne a rubuce, ana sa ran karɓa bayan azumi. An keɓe su ga kayan makarantar marayu. Za a kashe 60,000 a wannan shekara, sauran 60,000 za a riƙe su zuwa shekara mai zuwa, ba sa cikin kuɗin da za a iya kashewa a wani aiki." Ka lura na ce alkawari ne, don kuɗin da ke hannu da kuɗin da ke bakin mutum ba ɗaya ba ne. Sadakar gama-garin ma hasashe ce, sai ka rubuta cewa daga abin da aka samu bara ka ƙiyasta ta, kuma mafi yawanta a Ramadan take shigowa.

Zakka kuwa ka yi mata taka-tsantsan na musamman. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya mutum takwas da ake ba, kuma hayar ofis ba ta cikinsu. Wani zai zo ya ce maka ai akwai kason masu aikin tattara ta. Wannan magana ce ta malamai da kwamiti, ba ta akanta ba. In sun yanke hukunci, ka rubuta abin da suka yanke da ranar zaman. In ba su yanke ba, ka rubuta cewa ba a cire ko halala ɗaya daga zakka don aikin ofis ba. Na taɓa duba littafin wata ƙungiya da ke zuba komai a asusu ɗaya. Ba wanda ya ci kuɗi, wallahi, mutanen kirki ne. Amma wata uku suna biyan wuta da albashi daga kuɗin zakka ba su sani ba, kuma ranar da na nuna wa shugabansu, wani dattijo, sai ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur ya daɗe bai ce komai ba. Yadda ake gane irin wannan da sauƙi yake: ka haɗa ragowar duk kuɗaɗe masu ƙaidi, ka kwatanta da abin da ke banki. In na banki ya gaza, an riga an taɓa amana.

Sai maganar tsarin lissafi, wadda a shafin ita ake sa wa a farko ko da yake ni na bar ta zuwa yanzu. Hanya biyu ce. Ko ka rubuta kuɗi ranar da suka shiga ko suka fita, shi ne asasun naƙdi, ko ka rubuta su a lokacin da haƙƙin ya hau, ko an biya ko ba a biya ba, shi ne asasul istihƙaƙ. Kada ka ɗauka suna ne kawai ya bambanta. Ƙungiyar nan za ta bar ɗakin aro ta koma sabon ofis ranar 1 ga Yuli, mai gida kuma yana son hayar shekara gaba ɗaya, 90,000. Kai ka sa 90,000 ɗin duka, wato ka bi hanyar farko. A hanya ta biyu wata shida ne kawai na wannan shekarar, 45,000, sai kuɗin ofis su sauko 125,000. Amma a nan dole ka ƙara haƙƙin sallamar ma'aikata, domin dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikaci rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, bayan nan wata cikakke. Mutum biyu masu 3,000 kowanne, 3,000 ke nan a shekara. Ya zama 128,000, ƙasa da 130,000. Ka ga a takarda giɓin ya ɓace, alhali mai gida na nan yana jiran 90,000 ɗinsa a Yuli. Shi ya sa wanda ya bi hanya ta biyu sai ya ƙara layi yana faɗin watan da manyan kuɗi za su fita. Abin da ba na yafewa shi ne gauraya biyun a ɓoye, a rubuta alkawari kamar ya shigo hannu, sannan a bar bashin da bai kai lokacin biya ba a waje. Kai ma ka duba, 120,000 ɗin da ka ƙidaya ba su iso ba tukuna.

A wannan sakin layin ka faɗi cewa shekarar daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba take, domin wasu yarjejeniyoyi da kalandar Hijira ake rubuta su, ita kuwa ta gaza da kusan kwana 11. Ka kuma faɗi ko farashin kaya ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, don in ka manta, kayan 60,000 za su tashi 69,000.

Je ka karɓo kwafin takardar wakafin da wasiƙar attajirin daga wajen sakatare, ka kwafo sharaɗin da kalmominsu, kada ka taƙaita da naka. Giɓin 40,000 ɗin kuma ka sa shi a layinsa shi kaɗai, a saman shafin, ka kawo min in gani kafin zaman kwamiti na ranar Asabar.