Bashin banki don sarin gyaɗa: riba ce?

Tambaya: Ina sayar da gyaɗa a Babbar Kasuwar Maradi. Banki zai ba ni jaka 500 na sefa, in mayar da jaka 560 bayan shekara. Me addini ya ce?

Amsa: Alhaji, wannan jaka 60 da ke sama ita ce ribar da aka hana, domin an sharɗanta ta a kan bashi tun ranar karɓa. A Suratul Baƙara, aya ta 275, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, aya ta 279 kuma ta ce mai bin bashi yana da uwar kuɗinsa kawai. Kada a ce laifin na banki ne shi kaɗai: hadisin da Muslim ya ruwaito ya la'anci mai ci, mai bayarwa, marubuci da shaidu biyu. Attaura ma ta hana, a littafin Fitowa 22:25.

Abin da ke rikita 'yan kasuwa shi ne murabaha, don lissafinta kan zo ɗaya. Banki ya sayi buhunan gyaɗar da jaka 500, su zama mallakarsa, sannan ya sayar maka a 560 ka biya daga baya. Malamai da yawa sun halatta wannan. Amma ka duba da kyau. In buhunan sun jiƙe kafin a damƙa maka, asarar wa? In ta banki ce, ciniki ne. In kuɗi aka zuba maka a hannu, ko farashin na ƙaruwa idan ka makara, bashin ruwa ne aka sauya wa riga.

Ni dai da ni ne kai, sai in nemi mai jari mu yi ƙiradi: kuɗinsa, wahalata, mu raba abin da aka samu. Takardar bankin kuwa, kai wa malaminku ya karanta kafin ka sa hannu.