Daren farko a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata: yaya ake bambance raki da ciwon gaske?

Tambaya: Malama, ni ɗalibar jinya ce, mako mai zuwa zan fara aikin dare a ɗakin matan da aka yi wa tiyata. Yayyenmu sun ce da dare marasa lafiya raki gare su, in na tsaya jin koken kowa gari zai waye ban gama komai ba, in dai awon jini ya nuna daidai in wuce abina. Ni kuma tsorona kada wata ta mutu a hannuna ina kallo. Yaya zan gane mai raki da wadda ke cikin haɗari?

Amsa: 'Yata, wannan shawarar da aka ba ki ita nake yaƙi da ita kullum a wajen aiki, kuma ta yi sanadin rayukan da ba a lissafa ba. Bari in ba ki labarin wata ɗalibata a darenta na farko, don ki ga yadda abin yake faruwa sa'a bayan sa'a.

An miƙa mata gadaje shida ƙarƙashin kulawar sista. A cikinsu akwai wata mata mai shekara arba'in da biyar, nauyinta kilo 60, an cire mata mahaifa da rana ta hanyar buɗe ciki. Da ƙarfe goma na dare bugun zuciyarta 88 a minti, awon jini 120 bisa 78, numfashi 18. Komai lafiya. Da sha biyu bugun ya kai 102, awon jini 116 bisa 80. A gurbin numfashi ɗalibar ta sake rubuta 18, ba don ta ƙirga ba, sai don ta ga haka ake yi. Matar ta ce tana jin ƙishirwa, aka ce mata ta yi haƙuri, ba a yarda ta sha komai ba tukuna. Wajen ƙarfe ɗaya ta sake kira, ta ce gadon ya ƙi ta, ta rasa inda za ta sa kanta. Wata ma'aikaciya ta leƙa bandeji ta ga a bushe yake, ta ce wa ɗalibar: "Wannan tun yamma take damun mutane, rabu da ita."

Da ƙarfe biyu matar ta kama hannun ɗalibar lokacin da ta zo duba ledar ƙarin ruwa. Ta ce: "'Yata, zauna. Wallahi wannan ba zafin ɗinki ba ne." Ɗalibar ta jawo kujera ta zauna, ta ce: "Mama, faɗa mini yadda kike ji." Sai ɗalibar ta yi shiru, ba ta cike mata maganar ba. Matar ta ce zafin ɗinkin ta san shi, yana nan inda yake. Wannan daban ne: cikinta ya yi nauyi kamar ana hura shi, kafaɗarta na ciwo alhali ba a taɓa kafaɗar ba, in ta ɗaga kai ɗakin na juyawa, kuma zuciyarta na raya mata ba za ta ga safiya ba.

Tana magana ɗalibar ta lura da abu biyu. Matar ba ta iya kai jimla ƙarshe sai ta tsaya ta ja numfashi, sannan hannun da ke riƙe da nata sanyi ƙalau ne, da danshin gumi. Ta ɗaga agogo ta ƙirga numfashi minti ɗaya cur: 26. Bugun zuciya 118, siriri a ƙarƙashin yatsa. Awon jini 108 bisa 84. Ta haska tocila a jakar fitsari: mililita 40 tun ƙarfe sha ɗaya, a sa'a uku ke nan, alhali mace mai wannan nauyin ana sa ran ta fitar da aƙalla 30 a kowace sa'a. Ta janye fatar ido ta ga ta yi fari. Ta ruga ta kira sista, aka sa iskar oksijin, aka ƙara allurar ruwa mai faɗi ta biyu, aka ɗebi jini don a haɗa wanda za a ƙara mata, aka taso likita. Kafin asuba an mayar da ita ɗakin tiyata, aka tarar zaren da aka ɗaure wata jijiya da shi ya zame, jini na taruwa a cikin ciki. Ta rayu.

To, duba lambar nan da kyau: 108 bisa 84. Da ɗalibar ta bi abin da yayyenki suka faɗa miki, da ta rubuta ta wuce, domin babu wanda zai ga 108 ya firgita. Nan ne kuskuren yake, kuma zan tsaya a kansa ko da na gundure ki.

Awon jini shi ne na ƙarshe wajen faɗuwa. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa. Idan ya fara zuba, jiki ba ya zama ya naɗe hannu: yana matse ƙananan jijiyoyin fata da hanji da ƙoda, ya tura abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, zuciyar kuma ta ƙara gudu. Da wannan dabarar mai ƙarfin jiki zai iya rasa kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa, wajen lita ɗaya da rabi, lambar sama ba ta sauka sosai ba. Ranar da ta faɗi warwas, jiki ya riga ya gama duk dabarunsa, lokacin da ya rage miki kaɗan ne. Amma kowace dabara da jikin ya yi tana barin alama, kuma mara lafiya ce ke fara jin ta kafin na'ura. Ƙishirwa jiki ne ke neman cike gurbin ruwan da ya rasa. Sanyin hannu daga matsewar jijiyoyin fata yake. Fitsari ya ragu saboda an rage wa ƙoda jini. Rashin natsuwa da fargabar mutuwa suna zuwa ne daga sinadaran tashin hankali da jiki ke saki, da kuma ƙwaƙwalwar da iska ta fara yi mata ƙaranci. Ciwon kafaɗa kuwa, jinin da ya taru a ciki ne ke taɓa tantanin da ya raba ciki da ƙirji, ciwonsa kuma a kafaɗa ake jin sa. Duk abin da aka kira raki a daren nan, bayanin zubar jini ne matar take yi da bakinta tun sha biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mataki na gaba da wasu ke ɗauka. Mara lafiya ta ƙi kwanciya, tana juye-juye, tana kira, sai a nemi a rubuta mata allurar barci don ɗaki ya yi tsit. Ta yi shiru, kowa ya ce ta samu sauƙi. Wanda jini ko iska ke ƙare masa dama daga rashin natsuwa yake wucewa zuwa gyangyaɗi, allurar kuma tana rufe wannan canjin, ta ƙara danne numfashi. Wadda ta yi ta kira sa'a biyu sannan ta yi shiru haka kawai, je ki tashe ta ki ji ko tana amsawa da hankalinta. Kada kuma busasshen bandeji ya kwantar miki da hankali, domin ciki na iya ɓoye jini mai yawa ba ɗigo ɗaya a waje. Haka gwajin yawan jini na farko zai iya fitowa kusan daidai, tunda jinin da ya rage bai riga ya tsinke da ruwa ba.

Ban ce kowane kira zubar jini ba ne. Yawancinsu zafin ɗinki ne, ko tsoro, ko kaɗaicin dare, waɗannan ma haƙƙinsu ne a kula da su. Amma ba daga teburin ma'aikata ake bambancewa ba, kuma ba daga abin da aka ce miki game da halin mutum a lokacin miƙa aiki ba. Tambayar da ta fi yi mini amfani ita ce: "Wannan irin na ɗazu ne, ko sabo ne?" Mai zafin ɗinki za ta nuna miki wurin da yatsa, ya ƙaru in ta motsa ko ta yi tari, ya lafa bayan magani, hannunta da ɗumi. Wadda ta ce sabo ne, ko ta kasa kwatanta shi sai dai "ba daidai nake ba", ki auna komai daga farko da hannunki, ki jera da na sa'o'in baya. Lamba ɗaya ba ta faɗa miki komai. 88, 102, 118 su ne suka yi magana. Ga wata hanya mai sauƙi: idan bugun zuciya ya kamo lambar sama ta awon jini ko ya wuce ta, kamar 118 da 108, ki kira na gaba da ke nan take. Ki lura kuma da tazarar lambobin biyu, wadda a matar nan ta matse daga 42 zuwa 24. Sai dai tsofaffi da masu shan maganin da ke rage gudun zuciya, bugunsu na iya ƙin tashi ko da jini na zuba, don haka a wurinsu numfashi da fitsari da hankali su za ki fi dogara da su.

Batun lokaci kuwa, bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wani bincike da Beckman da Frankel suka wallafa a 1984 ya nuna likitoci kan katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayani. Mu ma ba mu tsira daga wannan ba. Matar nan ba ta ci minti biyu ba ta faɗi duk abin da ake bukata. Ki zauna idonki ya yi daidai da nata, ki riƙe wuyan hannunta kamar bugu kike ji, ki ƙirga numfashin a lokacin, domin wanda ya san ana ƙirga masa numfashi yana canza shi. Kuma don Allah, abin da ba ki ƙirga ba kada ki rubuta. Na gaji da ganin takardun awo da 18 ta jeru daga sama har ƙasa saboda ana so da safe a ga kowane gurbi a cike. Numfashi na cikin alamun da ke fara canzawa in mara lafiya zai rikice, shi ne kuma aka fi ƙirƙira.

In za ki kai rahoto, kada ki ce "Sista, mai gado na huɗu tana ta ƙorafi", domin amsar da za ki samu kin riga kin san ta. Ki ce: "Sista, wadda aka cire wa mahaifa ɗazu da rana, bugunta ya tashi daga 88 zuwa 118, numfashi 26, fitsari 40 a sa'a uku, hannunta sanyi, ta ce cikinta na kumbura. Ina tsoron jini ne, ki zo ki gan ta yanzu." Ke ɗaliba ce, ba a ɗora miki gano cuta ko ba da magani da kanki ba, amma an ɗora miki faɗa. In an share ki, ki rubuta lokacin da abin da kika auna, ki koma bakin gadon, ki sake awo bayan minti goma sha biyar, ki sake kira. In har yanzu ba wanda ya motsa, ki nemi babbar sistar da ke kula da asibitin a daren ko likitan da ke kan kira, ko da za a yi miki faɗa da safe.