Lambar NAFDAC ta fito a waya, shi ke nan maganin na gaskiya ne?

Malam, na sayi maganin zazzabin cizon sauro a Taminus, na sa lambar NAFDAC da ke jikin kwalin a waya, ta fito. In sha hankalina kwance? Hajiya Binta, Unguwar Rogo, Jos.

Hajiya, dakata tukuna. Me ya fito? Nan ne kullum kuke ƙona mini rai. Mutum ya ga shafi ya buɗe da rubutu, sai ya mayar da waya aljihu ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba.

Lambar nan ba a yi ta don kwalin da ke hannunki shi kaɗai ba. Hukumar tana ba da ita ne ga samfuri guda: magani kaza, mai ƙarfi kaza, na kamfani kaza. Duk kwalin wannan samfuri da ke kasuwa, daga Jos har Legas, lamba ɗaya yake ɗauke da ita. To mai yin jabu da ya iya buga tambarin kamfani da launinsa, kwafe 'yan haruffa ne zai gagare shi? Wasu ma ba sa wahalar da kansu, lambar wani magani daban suke ɗauka su manna.

Koma greenbook.nafdac.gov.ng, shafin da hukumar ke jera magungunan da ta yi wa rajista, ko manhajarsa ta Greenbook, ki sake sa lambar tare da ɗan layin da ke tsakiyarta. Ta magani takan fara da 04, ko A4, ko B4, kuma 04 ɗin sifili ne, ba harafin O ba. Sannan ki ajiye kwalin kusa da wayar ki gwada su. A ce kwalinki ya nuna ƙwayoyi masu ƙarfin 80/480, amma lambar ta fito da sunan maganin daidai da ƙarfin 20/120. Wannan bai yi ba, domin kowane ƙarfi rajistarsa daban. In kuma ta fito da ruwan maganin tari alhali ƙwaya ce a hannunki, lambar aro ce, babu sauran magana.

Sai ki duba sunan kamfani, amma a hankali. Gurbin Applicant Name na wanda ya yi rajistar ne, galibi mai shigo da maganin Najeriya, ba lallai ya zama masana'antar Indiya ko Sin da ta haɗa shi ba. Nemi sunansa a gefen kwalin kafin ki tafi yi wa mai kemis ihu. Duba kuma ko matsayin lambar Active ne. Rajista shekara 5 take yi a sabunta ta, kuma ranar ƙarewarta ba ita ce ranar lalacewar magani ba.

Ko da komai ya dace, abin da kika tabbatar shi ne akwai irin wannan magani a rajista. Kwalinki fa? Nemi ɗan wurin kankarewa irin na katin waya. Tun 2010 aka fara wannan tsari, kuma an fi ganinsa a magungunan zazzabin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Lambar da ke ƙarƙashinsa ta wannan kwali ce kaɗai, ki tura ta kyauta ta tes zuwa gajeriyar lambar da aka buga a jiki. In amsa ta ce an taɓa amfani da ita, ko kin tarar an riga an kankare, kada ki sha. Ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe, ki kai shi ofishin NAFDAC da ke nan Jos.

Ni dai shawarata ta kullum, ku rubuta adireshin da hannu sau ɗaya ku adana shi a burauza. Ku daina danna mahaɗin da aka jefo a zauren WhatsApp na dangi.

Na sa lambar jikin man gyaɗa a Greenbook, ba ta fito ba. Jabu ne? Sani, Farin Gada.

Malam Sani, ka je kemis neman tattasai. Greenbook ya fi ƙarfi a magunguna da kayan asibiti. Don abinci, gwada sashen tantance kaya a registration.nafdac.gov.ng. Ka kuma tabbata ba lambar rukunin kaya ka kwafa ba, wadda ke kusa da ranar lalacewa. Haska rubutun da kyamara ka ƙara girmansa.

Maganin gargajiya na basir da na saya lambarsa ta ƙare da L. Me ake nufi? Maman Khalifa, Gangare.

L ɗin na nufin hukumar ta sa shi a jerinta na shekara 2 bayan gwajin ko yana cutarwa. Ba shaida ce ta cewa yana warkar da basir ba, balle cututtuka goman da mai lasifika ya jero miki. Karanta ƙananan rubutun kwalbar, za ki ga inda aka ce hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.