Koren da ya maƙale a gefen mutum bayan an cire bango

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na ɗauki bidiyo a gaban koren ƙyalle, na cire shi da Ultra Key a Premiere Pro, amma kore-kore ya rage a gashi da kafaɗun mutumin. Na yi ta ƙara Choke har kunnensa ya fara cinyewa, koren bai tafi ba. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara mayar da Choke ɗin nan sifili tukuna. Na sha faɗawa wannan ramin kafin na gane cewa koren da ke gefen mutum iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai ragowar bango da yankan bai kwashe ba. Akwai kuma hasken da ya bugi ƙyalle ya dawo ya zauna a jikin mutum: bayan kunne, wuya, kafaɗa, farar riga. Wannan na biyun a kan fatar yake. Choke aske gefe kawai ya iya, don haka ko ka aske kunnen gaba ɗaya, koren zai koma kumatu ya jira ka.

Yadda za ka bambance su: a Ultra Key, mayar da Output zuwa Alpha Channel. Mutum ya fito fari fat, bango baƙi ƙirin. In ka ga toka-toka a bango, ɗaga Pedestal a hankali har ta ɓace. In fari da baƙin sun fita tsaf amma da ka koma Composite koren yana nan, to haske ne ya zuba, aikinka yana ƙarƙashin Spill Suppression. Tokar da ke bakin gashi kuwa ka bar ta, ita ke sa bangon da za ka saka ya riƙa ratsa gashin. Wanda ya kashe ta, kai zai fito kamar an yanke shi da almakashi.

Yana da kyau ka san abin da cire zubar hasken yake yi, don kada ka yi ta jan maɓalli a makance. Hanya ɗaya da aka saba ita ce a hana kore wuce matsakaicin ja da shuɗi:

```
G = min(G, (R + B) / 2)
```

Ɗauki ɗigo ɗaya a bayan kunne: ja 120, kore 130, shuɗi 80. Matsakaicin ja da shuɗi 100 ne, sai a sauke kore zuwa 100, launin fata ya dawo. Amma an rage masa haske, shi ya sa wani lokaci kore ke tafiya ya bar duhun layi a gefe. Nan maɓallin Luma da ke ƙarƙashin Spill Suppression ke amfani, ka taɓa shi kaɗan hasken ya dawo.

Ga inda ya taɓa cin amanata. Wata rana na yi aikin wata mata mai rawayen mayafi. Rawaya ai ja ne da kore a haɗe, a ce ja 230, kore 210, shuɗi 40. Lissafin nan ya sauke koren zuwa 135, mayafi ya koma ruwan lemo, ni kuma idona na kan gashin abokin hirarta, ban lura ba sai da aka dawo min da aikin. Tun ranar nake jan maɓallan Spill da Range na Spill Suppression kaɗan-kaɗan, ina kunna gyaran ina kashewa, ina kallon fuska da tufafi, ba gefe kaɗai ba. Da zarar fata ta fara komawa jaja-jaja ko shunayya, ka zarce, koma baya. In tufafin ya ƙi, ninka bidiyon biyu, ka zagaye tufafin a na sama ka sassauta masa gyaran.

Sai bayan wannan ne Choke zai shigo, ɗan kaɗan, tare da ɗan Soften. Kuma ka yi gyaran a kan ainihin bangon da za ka saka, ka zuƙo hoton zuwa 200%. Koren da ya ɓuya a kan baƙi, farin bango zai tona shi.

In da waya ka ɗauka, akwai iyakar da ba za ka wuce ba. Yawancin wayoyi 4:2:0 suke ɗauka, wato ɗigo huɗu ke raba bayanin launi ɗaya, shi ya sa gefe ke fitowa gantsare-gantsare kamar haƙoran zarto. Soften zai rufa asiri, ba zai warkar ba.

In da halin sake ɗauka, matso da mutumin gaba, kamar mita 2 daga ƙyallen, ka haska ƙyalle daban, mutum daban. Rage wa ƙyallen fitila in yana ƙyalli da yawa, kuma in ƙasan ma kore ne alhali ƙafafu ba sa cikin hoto, shimfiɗa baƙin yadi a kai, domin daga nan koren haɓa yake tasowa. Turo hoton Alpha Channel ɗin naka mu gani.