Tambayoyinku: Wayar da ke ɗaukewa a kashi 20, da batirin sola mai baki biyu

"Malam, wayata tana nuna kashi 20, da na buɗe kyamara sai ta ɗauke. In na sake kunna ta sai in ga kashi 7. An ce in sauke manhajar daidaita batir. Wacce ce ta fi kyau?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Babu ko ɗaya, ɗan'uwa. Aikin da waɗannan manhajoji suka iya shi ne nuna maka tallace-tallace da zanen batir mai walƙiya, su ƙarasa cinye ɗan cajin da ya rage. Lissafin kashin caji yana faruwa ne a wani ƙaramin guntu da ke cikin wayar, kuma manhajar da ka sauko da ita daga kasuwa ba ta da ikon taɓa shi.

Babu na'urar da ke leƙa cikin batir ta ga abin da ya rage. Adadin da kake gani kintace ne, kuma hanya biyu ake bi a yi shi.

Ta farko ita ce auna ƙarfin wuta, wato bolt. Batirin wayar zamani in ya cika yana kai bolt 4.35 zuwa 4.45, wayar kuma tana kashe kanta in ya sauko wajen 3.3 ko 3.4. Sai a haɗa jadawali: bolt kaza, kashi kaza. Matsalar ita ce jadawalin ba ya faɗin gaskiya sai batirin ya huta, babu caji, babu jan wuta, na tsawon rabin awa ko fiye. Da zarar an ja wuta, ƙarfin yana faɗuwa saboda turjiyar da ke cikin batirin kansa:

```
V = OCV - (I × R)
```

OCV shi ne ƙarfin batirin da ya huta, I yawan wutar da ake ja, R kuma turjiyar ciki. Wannan hanya tana tangal-tangal daga minti zuwa minti, amma kuskurenta ba ya taruwa. Batir na hutawa, ta dawo hayyacinta.

Ta biyu ita ce ƙidayar kulom. Ana sa wani ɗan resista mai ƙarancin turjiya, sau da yawa wajen om 0.01, a hanyar da wuta ke bi, ana auna abin da ke shiga da abin da ke fita, ana tarawa. Kamar mai rumbu ne da ke rubuta kowane mudu da ya zuba da wanda ya ɗiba, amma bai taɓa leƙa ciki ba. Kan awa ɗaya ko yini ɗaya lissafinsa ya fi na kowa kyau. Kan wata guda fa? A ce ma'aunin yana kuskuren miliamfiya 2 kacal. A awa 24 ya zama 48 mAh, kusan kashi 1 na batir mai 5000 mAh. Kwana ashirin babu gyara, an kusa kashi 20. Ga kuma cajin da batir ke zubarwa da kansa a ciki, wanda ba ya bi ta resistan, don haka ba a taɓa ƙirga shi.

Shi ya sa wayoyi ke haɗa hanyoyin biyu: ƙidaya tana tafiyar da lissafi, bolt yana gyara shi duk lokacin da batir ya huta ko ya cika fal.

Yanzu ga taka wayar. A ce batirin 5000 mAh ne yana sabo, zafi da shekaru sun mayar da shi 4300, amma guntun yana nan yana raba lissafi da 5000. Ka ci 4000. Shi a wajensa saura 1000, sai ya rubuta maka kashi 20. A zahiri saura 300, wato kashi 7. A wannan matakin batirin da ya huta yana wajen bolt 3.6. Kyamara ta ja amfiya 2. Da sabon batir ne mai turjiyar om 0.1, zai faɗi da bolt 0.2, ya tsaya a 3.4, da kyar ya tsira. Naka da ya tsufa, a ce om 0.25, ya faɗi da rabin bolt zuwa 3.1, wayar ta ɗauke. Da ka sake kunnawa, guntun ya dubi bolt ya gane an yaudare shi, ya rubuta 7.

Ga gwajin da ke raba gardama. Ka yi caji har 100, ka bar ta a jikin caja na ƙarin awa ɗaya. Ka yi amfani da ita har ta mutu da kanta, ka bar ta a kashe awa biyu, sannan ka cika ta ba tare da cirewa ba. Wannan yana ba guntun iyakokin biyu, ya sake koyon girman batirin. In tsallen ya daina, lissafi ne ya karkace. In ta ci gaba da ɗaukewa, yau a 20, gobe a 35, musamman da sanyin safiyar hunturu lokacin da turjiya ke ƙaruwa, to batirin ne, kai ta wajen mai gyara a canza. Kuma sau ɗaya za ka yi gwajin nan. Masu tatse batir har sifili kowane mako da sunan gyara suna ƙara masa tsufa ne kawai.

"Batirin solata LiFePO4 ne, 12.8V 100Ah. Inbata na nuna ya cika, manhajar batirin na cewa kashi 60. Wa zan yarda da shi?" Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Hajiya, da rana kada ki saurari inbatar. Bolt take karantawa, kuma yayin caji ƙarfin yana hawa sama da na hutu. Ko da ya huta ma, wannan nau'in batir shimfiɗaɗɗe ne: tsakanin kashi 30 da 80 bambancin bai wuce kusan bolt 0.2 ba a duk batirin, kuskuren ƙaramar mita ya isa ya haɗiye rabinsa.

Manhajar tana karɓar ƙidaya daga BMS, wato na'urar da ke kula da batirin daga ciki, amma ita ma tana da makanta. BMS da yawa ba sa ganin ƙaramar wuta. Amfiya 0.3 da ba a ƙirga ba ta zama 7.2Ah a yini, kashi 7 ke nan. Maganin shi ne ki bar batirin ya kai bolt 14.2 zuwa 14.4 har wutar caji ta ragu sosai, a nan BMS ke mayar da lissafi 100. Da damina, in hadari ya hana shi cika, ki rage kaya na yini ɗaya duk mako biyu. Ni ban yarda da kashin da bai ga cikakken caji ba tsawon wata.

"Laftof ɗina daga kashi 40 sai ta faɗo 6." Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Ciwon mutumin Zariya ne, karanta amsarsa. In Windows ce, buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Ka buɗe rahoton da zai ajiye maka, ka kwatanta DESIGN CAPACITY da FULL CHARGE CAPACITY. In na biyun ya kusa rabin na farko, fara tara kuɗin batir.

"Na cire batirin ruwa daga caji, mita ta nuna 13.2. Ya cika ke nan?" Daga wani mai shagon cajin waya a Kumasi.

Kada ka yi gaggawa. Cajin saman faranti kake gani, ko mataccen batir yakan nuna haka. Bar shi ya huta awa huɗu ko fiye, babu komai a jikinsa, sannan ka auna: wajen 12.7 ya cika, wajen 12.2 rabi ne.